Sharhi a kan maɓallan warware saɓani na cikin VS Code, bayan wata shida ina aiki da su

Mu biyu ne muke rubuta wata ƙaramar manhaja ta lissafi wadda wani ɗan kasuwar hatsi na nan Maradi yake amfani da ita wajen fitar da rasiɗin wake da gero da yake sayarwa buhu-buhu, ni da wani ƙanena da muke aiki tare, kowa da kwamfutarsa, kowa kuma da reshensa a cikin Git. Duk lokacin da muka zo haɗa rassan nan biyu, idan ya kasance mun taɓa layi ɗaya a fayil ɗaya, ko layukan da suke maƙwabtaka da juna, sai Git ya tsaya ya ƙi yanke hukunci, ya rubuta ɓangarorin biyu a cikin fayil ɗin ya bar mana zaɓi. A da da hannu nake share alamomin da yake sakawa, amma tun da na koma aiki da VS Code na fara amfani da ƴan zaɓuɓɓukan da yake nunawa a saman kowane saɓani, kuma a kansu ne nake son in faɗi abin da na gani.

Abin da mutum zai tarar idan ya buɗe fayil mai saɓani shi ne ɓangare na sama da aka shafa wa launin kore, wanda ya fara daga alamar `<<<<<<< HEAD`, sai layin `=======` da ya raba tsakani, sai ɓangare na ƙasa mai launin shuɗi wanda ya ƙare da `>>>>>>>` tare da sunan reshen da ake shigowa da shi. A can sama kuma akwai rubutu ƙanana guda huɗu da ake iya dannawa: `Accept Current Change`, `Accept Incoming Change`, `Accept Both Changes` da `Compare Changes`. Na farko yana barin ɓangaren sama ya share na ƙasa, na biyu yana yin akasin haka, na uku yana barin duka biyun, na sama a gaba na ƙasa yana biye, na huɗu kuwa ba ya canza komai, buɗe su kawai yake yi gefe da gefe don a kwatanta. A cikin ukun farko, duk wanda aka danna, alamomin nan suna ɓacewa gaba ɗaya, kuma wannan shi ne babban alherin da na samu, domin a lokacin da nake sharewa da hannu na sha barin layin `=======` a tsakiyar fayil, sai manhaja ta ƙi tashi ina ta neman dalili.

Inda zaɓuɓɓukan suka fi yi mini daɗi shi ne wuraren da saɓanin bai wuce na jeri ba. Akwai ranar da na ƙara dawa a ƙarshen jerin kayan da ake sayarwa, shi kuma ya ƙara masara a daidai wurin, Git ya ga mun rubuta abu daban-daban a layi ɗaya ya tsaya. A nan danna `Accept Both Changes` ya wadatar, tunda ba wanda ya soke maganar wani, kowa ƙari ya yi, kuma aikin da zai ci mini minti biyu ya ƙare kafin ƙiftawar ido.

Sai dai wannan zaɓi na uku, wanda ya fi kama da sulhu, shi ne ya kusa jawo mana asara, kuma laifin nawa ne domin na danna ban karanta ba. Mai hatsin ya buƙaci abu biyu a mako ɗaya: a riƙa ƙara kuɗin dako, dala hamsin a kowane buhu, wato sefa 250, sannan a riƙa yin ragin kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya sayi buhu 20 ko fiye. Na ɗauki aikin dako, ƙanena ya ɗauki aikin ragi a reshen da ya kira `ragi`, kuma dukanmu mun gyara layin da yake fitar da jimla. Da na yi `git merge ragi`, ga abin da ya fito:

```
<<<<<<< HEAD
jimla = buhu * farashi + buhu * dako
=======
jimla = buhu * farashi - ragi
>>>>>>> ragi
```

Tunani na a lokacin shi ne, tunda muna son dako kuma muna son ragi, to a karɓi duka biyun. Na danna, alamomi suka tafi, layuka biyu suka tsaya ɗaya a kan ɗaya, manhaja ta tashi lafiya lau ba tare da wani kuka ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne layi na biyu yana sake ba `jimla` sabuwar ƙima, don haka duk abin da layi na farko ya lissafa ya tafi a banza. A gwada da buhu 20 na wake a kan jika 25 kowane buhu: kuɗin kaya sefa 500,000 ne, dako 5,000, ragi 10,000, don haka abin da ya kamata rasiɗi ya nuna shi ne 495,000. Da na zaɓi ɓangaren sama kaɗai da an samu 505,000, da na zaɓi na ƙasa kaɗai da an samu 490,000, kuma zaɓin duka biyun ma 490,000 ɗin ya bayar, tamkar ban taɓa rubuta maganar dako ba. Ke nan a cikin maɓallan uku babu ko ɗaya da yake ba da amsar da ta dace, domin amsar tana buƙatar layi na uku wanda babu shi a reshe ko ɗaya:

```
jimla = buhu * farashi + buhu * dako - ragi
```

Allah ya sa ƙanena yana da al'adar buga lissafi a wayarsa kafin mu kai wa mai kaya sabon aiki, shi ne ya ɗago kai ya ce, "Yaya, jika biyar sun ɓace a nan, kuma daidai kuɗin dako ne." Tun daga ranar, duk saɓanin da na ga ɓangarorinsa biyu sun fara da suna ɗaya kafin alamar daidai, ko kuma duka biyun layin `return` ne, ba na ɗaukar karɓar duka biyun a matsayin ƙarshen aiki. Ina danna shi don ya share mini alamomi ya ajiye layukan kusa da juna, sannan in haɗa su da hannuna in goge na rarar. Manhajar VS Code tana ganin rubutu ne, ba ta san ma'anar dako ko ragi ba, kuma ban ga laifinta a kan haka ba, amma ya kamata mai amfani da ita ya san iyakarta.

Abu na biyu da ya ruɗe ni ya fi wannan wuyar ganewa, kuma ya shafi ma'anar `Current` da `Incoming`. Na daɗe ina fassara na farko da "nawa", na biyu da "nasa", kuma fassarar tana tafiya daidai muddin `git merge` nake yi ina tsaye a kan reshena. A gaskiya kuwa `Current` yana nufin duk abin da `HEAD` yake nunawa a wannan lokaci, wato inda Git yake tsaye, kuma idan ana `git rebase` al'amarin yana juyawa, domin Git yana fara tsayawa a kan reshen da za a ɗora aiki a kansa, sannan ya riƙa ɗauko gyare-gyaren mutum ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa. A wannan hali ɓangaren kore aikin abokin aikinka ne, naka kuwa shi ne mai shigowa, shi ne shuɗin da ke ƙasa. Wata rana da yamma, wuta ta ɗauke batirin kwamfutata yana gab da ƙarewa, na yi `git pull --rebase` cikin gaggawa, saɓani ya fito a wuri uku, na bi su duka ina danna `Accept Current Change` da niyyar kare aikina, ashe shi nake sharewa. Na gane ne da na duba fayil ɗin na ga babu kalmar `dako` ko ɗaya a cikinsa, kuma da yake ban riga na yi `git rebase --continue` ba, sai na yi `git rebase --abort` komai ya koma yadda yake. Yanzu kafin in danna komai sai na karanta abin da aka rubuta bayan alamar `>>>>>>>`, domin a lokacin `rebase` lambar gyaran da ake ɗorawa da bayaninsa ne suke fitowa a wurin, kuma idan na ga bayanin da ni na rubuta, na san ɓangaren ƙasa ne nawa.

Akwai wani saiti guda da ya ƙara wa waɗannan zaɓuɓɓuka daraja a wurina, kuma ina ba duk mai amfani da su shawarar ya kunna shi:

```
git config --global merge.conflictStyle diff3
```

Da wannan, Git yana ƙara ɓangare na uku a tsakiya, bayan alamar `|||||||`, wanda yake nuna yadda layin yake tun kafin kowa ya taɓa shi. Da a ce yana kunne ranar lissafin wake, da na ga asalin layin shi ne `jimla = buhu * farashi`, da kuma nan take na fahimci cewa kowannenmu ya ƙara abu ne a kan tushe ɗaya, kuma ƙarin ne ya kamata a haɗa, ba layukan ba. VS Code ma yana da wani shafi na musamman da ya shigo da shi a shekarar 2022, wanda ake buɗewa da `Resolve in Merge Editor`, inda yake nuna ɓangarorin biyu a sama da sakamako a ƙasa. Yana da amfani idan saɓanin ya yi tsawo, amma a kan ƙaramin allon kwamfutata rabe-raben nan suna matse rubutu sosai, shi ya sa a mafi yawan lokaci nake zama a kan zaɓuɓɓukan cikin fayil.

Wajibi ne kuma a tuna cewa danna maɓalli ba ya gaya wa Git cewa an gama. Sai an adana fayil ɗin, an yi `git add` a kansa, ko a danna alamar ƙari da ke gefen sunansa a ƙarƙashin `Merge Changes`, sannan a rufe da `git commit`. Idan an yi kuskuren zaɓi, `Ctrl+Z` yana dawo da saɓanin muddin fayil ɗin yana buɗe, idan kuwa an riga an rufe shi, `git checkout -m` tare da sunan fayil ɗin yana sake fito da alamomin saɓanin, ko da yake duk gyaran da aka yi da hannu a cikinsa zai tafi. Kafin `git add` nakan yi `git diff --check`, wanda yake tona duk wata alamar saɓani da aka manta, musamman a dogon fayil inda saɓani na huɗu yake iya ɓuya can ƙasa.

Ba zan koma share alamomi da hannu ba, kuma ƙanena ma ya bi sahu. Abin da muka ƙara kawai a tsarin aikinmu shi ne wani ɗan gwaji da yake lissafa buhu 20 a kan jika 25 bayan kowace haɗaka, idan bai ga 495,000 ba ya tsayar da mu kafin rasiɗi ya kai hannun mai hatsi.