Sharhi: mayar da zanen hannu tsaftataccen zane a AutoCAD

Aikin da na gwada AutoCAD a kansa shi ne irin wanda ya fi zuwa teburin mai zane: fulan na gida mai ɗaki uku da aka zana da fensir, aka rubuta awo a gefe, aka ɗauki hotonsa da waya. Hukuncina tun farko shi ne manhajar tana fitar da aiki daidai har zuwa milimita, amma ba ta tsawatarwa. In ka sa mata sikelin da ba daidai ba, za ta buga maka shi tsaf, da kyansa, ba ta ce uffan ba.

Kada wanda ya saya ya zaci zai saka hoto ta mayar masa da shi layuka. Ko da hoton yana cikin PDF ne, umarnin PDFIMPORT a matsayin hoto zai shigo da shi. Kai ne za ka yi zanen.

Kuskuren farko kan faru tun kafin a ja layi ɗaya. Fayil ɗin farawa iri biyu ne: acad.dwt na masu inci, acadiso.dwt na masu milimita. Wanda ya buɗe na inci ya ci gaba da zane da milimita zai ga layukan da ya kamata su fito a tsittsinke sun fito a haɗe, ƙofar da ya ɗauko daga wani fayil kuma ta iya shigowa ta yi girma ko ƙanƙanta har sau 25.4. A fara da acadiso.dwt, a tabbatar INSUNITS yana kan 4, wato milimita.

Sai a shigo da hoton da IMAGEATTACH, a ajiye shi shi kaɗai a leyarsa, wato shimfiɗar da ake ware kowane rukunin zane a kanta, a dusashe shi da IMAGEADJUST don kada ya rufe ido. Daga nan a kawo shi girman gaskiya. A zanen da na yi aiki da shi an rubuta 12000 a bangon gaba, don haka:

```
SCALE
R
12000
```

Bayan zaɓar hoton da wurin kafawa, a buga R, a danna kusurwa biyu na bangon, sannan a rubuta 12000. Sai a kulle leyar.

Nan ne nake ganin mutane da yawa ke ɓata. Hoton ya zo daidai a bango ɗaya kawai. In ka auna bangon gefe da DIST, wanda aka rubuta masa 18000, kana iya samun 17600 ko 18300, domin wayar ba ta tsaya sak a kan takarda ba, takardar ma ta lanƙwashe, kuma hannun da ya yi zanen bai bi rula ba. Saboda haka ba a bin layin fensir. Hoton yana nuna maka ina ɗaki yake ne, ina ƙofa take. Tsawo kuwa daga lambar da aka rubuta ake ɗaukarsa. A kunna F8 don layi ya miƙe, a kunna F3 don kusurwa ta kama kusurwa, a rubuta tsawon kowane layi da hannu. Bangon waje na bulo inci tara a fitar da shi da OFFSET a kan 225, na ciki mai inci shida a kan 150.

Amfanin wannan hanya shi ne tana tona kuskuren da takarda ta ɓoye. Ɗakuna uku na gaba an rubuta musu 3600 da 4200 da 3600, jimla 11400. Ƙara bangon waje biyu, 450, da na ciki biyu, 300, ka sami 12150, alhali an ce faɗin ginin 12000 ne. Rarar 150 daidai take da kaurin bangon ciki ɗaya da mai zanen ya manta bai lissafa ba. Wannan ba abin da za ka matse da kanka ba ne. A koma wurin mai zanen ya faɗi ɗakin da za a rage, tun kafin birkila ya yanke hukuncin a fili.

Batun leya bai buƙatar dogon lissafi. Ga gida irin wannan, shida ko bakwai sun isa. Layin bangon da aka yanka shi ne mafi kauri, milimita 0.50. Ƙofa da taga 0.25. Kayan ɗaki da layukan awo 0.18, cikon bango 0.13. Abin da ake so shi ne mai kallo ya gane bango daga nesa kafin ya karanta komai. Sharaɗin kawai, launi da kauri da irin layi na kowane abu su tsaya a ByLayer. In an riga an cakuɗa, umarnin SETBYLAYER yana dawo da su gaba ɗaya, kuma yana cikin abubuwan da na fi yaba wa manhajar. A guji zane a leyar Defpoints, domin abin da ke cikinta yana bayyana a allo amma ba ya fita a takarda.

Inda AutoCAD ta fi ba ni haushi shi ne kaurin layi yana da iyayengiji biyu. Ka saita shi a leya, amma fayil ɗin bugu na CTB yana iya danne shi bisa launi. Shi ya sa zane kan fita da layuka duk kauri ɗaya a injin wani. Da monochrome.ctb ba a samun wannan, domin yana barin kaurin da ka sa. Sai dai shi ma launuka masu lamba 1 zuwa 255 kawai yake mayarwa baƙi. Wanda aka zaɓo daga True Color da launinsa zai fito. Kaurin da LWDISPLAY ke nunawa a Model, wato filin da ake yin zanen, kuwa kwatance ne, kada a dogara da shi. A duba Preview kafin bugu.

Sikeli ba a Model ake sa shi ba. Can komai girman gaskiya ne. A Layout, shafin shirya bugu, ake zaɓar takarda A3, mai 420 da 297, a bar sikelin bugu a 1:1, sannan a sa tagar Viewport a 1:100, a kulle ta nan take. In ba a kulle ba, juya ƙafar linzami sau ɗaya a cikinta ya isa ya sauya sikelin ba tare da wata sanarwa ba. A 1:100 ginin zai zauna a milimita 120 da 180, fili mai ƙafa 50 da 100 ma ya shiga da kusan 152 da 305. Rubutun da ake so ya fito milimita 2.5 a takarda dole ya zama 250 a Model, sai dai in an mai da shi Annotative manhajar ta yi lissafin. In tsittsinken layi ya ɓace a Layout, a sa LTSCALE da PSLTSCALE da MSLTSCALE duka a 1, a buga REGENALL.

Kuɗin rajistar AutoCAD yana da nauyi, kuma ga wannan aiki na shimfiɗaɗɗen zane AutoCAD LT ta wadatar. A lura kuma cewa hoton ba ya shiga cikin fayil ɗin DWG, hanyarsa kawai ake adanawa, don haka a tura da ETRANSMIT ko a cire shi in an gama.

Gwajin ƙarshe da rula ake yinsa. A cire alamar Fit to paper, a fitar da PDF, a gaya wa mai shagon bugu ya zaɓi Actual size. In takarda ta fito, a ɗora rula a bangon gaba. Milimita 120 ake nema. In ka ga kusan 85, an matse A3 cikin A4 ne, kuma 1:100 da ke rubuce a ƙasan takardar ya zama ƙarya.