Zaɓen ma'aunin boltej na bandgaf: abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya fitar da kuɗi

Duk na'urar da ke auna wutar lantarki tana buƙatar wani boltej tsayayye da za ta riƙa gwada sauran da shi, kamar yadda mai sayar da hatsi yake buƙatar mudu wanda ba ya ƙaruwa da safe kuma ba ya raguwa da yamma. Abin da ya fi motsa wannan mudu shi ne zafi, kuma mafi yawan ƙananan kayan da ake sayarwa don wannan aiki suna dogara ne da dabarar da ake kira bandgaf. Wanda ya fahimci dabarar zai gane dalilin da ya sa guda biyu masu fitar da 2.5 V iri ɗaya suke da bambancin kuɗi mai yawa, zai kuma san lokacin da ƙarin kuɗin yake da amfani.

Tushen dabarar yana cikin taransistar silikon. Boltej ɗin da ke tsakanin ƙafafunta biyu, wanda ake rubutawa VBE, yana kai kimanin 0.65 V a zafin ɗaki, kuma yana raguwa da kusan 2 mV duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Shi kaɗai ba zai yi mudu ba, domin hawan digiri 45 zai zaftare masa 90 mV. To amma idan aka ɗauki taransista biyu iri ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya faɗi sau N, aka tura musu wuta daidai wa daida, bambancin da ke tsakanin VBE ɗinsu yana da hali akasin wancan, wato yana hawa ne tare da zafi:

```
ΔVBE = (kT/q) × ln(N)
Vref = VBE + M × ΔVBE
```

A digiri 27, kT/q, wato adadin da ke hawa tare da zafi, yana kusan 25.9 mV. Idan N ya zama 8, bambancin zai kai kimanin 54 mV, kuma yana ƙaruwa da 0.18 mV a kowane digiri. Wannan hawa ya yi kaɗan ya rufe gibin 2 mV, saboda haka ake ninka shi sau M, wato kusan sau 11, ta hanyar rabon rezistoci biyu, ya zama kimanin 0.6 V mai hawa da 2 mV a digiri. Idan aka haɗa shi da 0.65 V mai sauka da 2 mV, hawa da sauka sun cinye juna, abin da ya rage shi ne kusan 1.25 V da ba ya damuwa da zafi sosai. Ba a banza adadin ya faɗo nan ba, domin yana dab da gibin makamashin silikon idan aka lissafa shi zuwa ƙarshen sanyi, wato kimanin 1.2 V, kuma wannan gibin ne ake kira bandgaf, daga nan sunan ya samo asali. Robert Widlar ne ya fitar da dabarar kasuwa da LM113 na kamfanin National Semiconductor a 1971, sannan Paul Brokaw na Analog Devices ya wallafa tsarinsa a 1974, wanda har yau ake gina kaya da yawa a kansa. Masu fitar da 2.5 V ko 4.096 V, a cikinsu wannan 1.2 V ɗin ne aka ƙara wa girma.

Abin da mai saye yake biya wa kuɗi shi ne inda wannan cinyewar ta gaza. Hawan ΔVBE miƙaƙƙe ne, amma saukar VBE tana da ɗan lanƙwasa, don haka ba za su soke juna cif-cif ba sai a zafi guda ɗaya. Idan aka zana boltej ɗin da ke fita a kan zafi, za a ga kamar doron tudu: ya daidaita a tsakiya, ya sauka a gefen sanyi da gefen zafi. Ban da wannan, idan rabon rezistocin ya kauce ko da kaɗan a wajen ƙira, tudun yakan karkata gefe guda. Mai araha an bar shi da lanƙwasarsa da ɗan gyara kaɗan, mai tsada kuwa an sa masa ƙarin da'ira mai miƙe lanƙwasar, an kuma daidaita kowane guda a masana'anta. Sakamakon duka ana bayyana shi a takardar bayanin kaya da lamba ɗaya, ppm/°C, wato kashi nawa cikin miliyan boltej ɗin yake kaucewa a kowane digiri. Galibi ana samun lambar ne ta hanyar raba tazarar mafi sama da mafi ƙasa da faɗin zangon zafin gaba ɗaya, saboda haka a gefen zangon kaucewar tana iya fin abin da aka rubuta.

Bari mu ɗauki aiki guda mu auna zaɓuɓɓukan da shi. Ana son haɗa na'urar lura da cajin batirin sola mai 12 V, wanda ake tsayar da cajinsa a wajen 14.4 V. Akwatin zai zauna a ɗaki mai rufin kwano, inda cikinsa zai iya sauka zuwa digiri 15 da asubar hunturu, ya kuma kai 60 da tsakar ranar bazara idan aka haɗa da zafin kayan da ke ciki. Tazarar digiri 45 ke nan.

Zaɓi na farko ba ya buƙatar saye ko kaɗan, domin yana cikin ƙwaƙwalwar na'urar. ATmega328P da ke kan Arduino Uno yana da bandgaf na 1.1 V da ake kunnawa da `analogReference(INTERNAL)`, amma takardarsa ta yarda ya kasance ko'ina tsakanin 1.0 V da 1.2 V. Kuskuren da ya kusa kashi 9 cikin ɗari ya fi 1 V a kan batirinmu, don haka dole a gwada kowane allo da mita mai kyau a ajiye gyaran a cikin manhaja. Ya isa ga fitilar da ke nuna batir ya yi ƙasa, amma ni ba zan ɗora masa yanke caji ba.

TL431 shi ne wanda aka fi samu, domin yana cikin cajoji da na'urorin wuta bila adadin, har masu gyara sukan cire shi daga tsofaffin alluna. Yana ba da 2.495 V, ana iya ɗaga shi har 36 V da rezistoci biyu, kuma yana zuwa aji uku: na kullum mai kuskuren kashi 2 cikin ɗari, mai harafin A kashi 1, mai harafin B rabin kashi. Kashi 2 na 14.4 V ya kai 288 mV, wanda ya isa ya sa batir ya riƙa ƙonar ruwa ko ya kasa cika, sai dai wannan kuskure ne na tashin farko da ake iya cirewa da gwaji sau ɗaya. Abubuwa biyu ne suke kama mutane da shi. Yana buƙatar a ba shi aƙalla 1 mA kullum kafin a tabbata ya daidaita, wanda asara ce ga na'urar da ke rayuwa a kan ƙaramin batir. Sannan idan aka sa masa kafasita matsakaiciya a bakinsa, kamar 100 nF da hannu ya saba ɗorawa a ko'ina, yana iya fara kaɗawa, kuma alamar ita ce lambobin da ake karantawa suna tsalle-tsalle alhali batirin yana zaune lafiya.

LM4040 irin haɗinsu ɗaya da TL431, wato ana jona shi kamar dayod ɗin zena da rezista a samansa, amma ya fi sauƙin hali. Yana aiki daga wajen 60 µA zuwa 15 mA, ba ya damuwa da girman kafasita, kuma ajinsa na A yana da kuskuren 0.1 cikin ɗari. Daga layin 5 V, rezista mai 2.4 kΩ za ta ba mai 2.5 V kusan 1 mA. A nan ne da yawa suke ruɗuwa, domin suna ganin 0.1 sai su ɗauka komai ya yi daidai, alhali ajin A da B da C duk iyakar kaucewarsu da zafi ɗaya ce, 100 ppm/°C. A digiri 45 wannan ya zama 4500 ppm, wato 65 mV a kan 14.4 V idan aka yi rashin sa'a. Wanda zai gwada allonsa da kansa bai kamata ya biya kuɗin ajin A ba, tunda abin da harafin yake sayarwa shi ne ainihin abin da gwajin zai ba shi kyauta. Kaucewar zafi kuwa gwaji a zafi ɗaya ba ya taɓa ta.

Daga nan sai masu ƙafa ta shiga da ƙafa ta fita, waɗanda ba sa buƙatar rezistar sama kuma ba sa zubar da wutar da ba a yi amfani da ita ba. REF3025 yana cin ƙasa da 50 µA, kaucewarsa ba ta wuce 50 ppm/°C tsakanin digiri 0 da 70, wato kimanin 32 mV a aikinmu. REF5025 yana da 8 ppm/°C a ajin kullum da 3 a babban aji, amma yana cin kusan 1 mA. Takwas sau 45 ya ba da 360 ppm, kimanin 5 mV ke nan. Don a ga ma'anar wannan, mataki ɗaya na mai juya boltej zuwa lamba mai bit 12 daidai yake da 244 ppm, don haka 100 ppm/°C yana ɓatar da matakai 18, shi kuwa 8 ppm/°C ɗaya da rabi kacal. Waɗanda suka wuce nan, irin LM399 da LTZ1000, ba bandgaf ba ne, zena ne da aka binne cikin silikon aka sa masa abin ɗumama kansa, suna ba da kusan 7 V, suna cin wuta mai yawa, kuma wurinsu mitocin ɗakin gwaji ne.

Ga batirin sola, a ganina LM4040 ajin C da aka gwada, ko REF3025 idan wuta abin tattali ce, ya wadatar, domin 30 zuwa 65 mV ba za su cutar da batirin dalma ba. Batirin litiyam mai cika a 4.2 V ya fi tsanani, kuma a nan 8 ppm/°C ya cancanci kuɗinsa. Sai dai duk wanda ya sayi mai 8 ppm ya raba boltej ɗin batirin da rezistoci masu 100 ppm/°C ya zubar da kuɗinsa, domin idan biyun suka kauce ta fuskoki daban, su kaɗai za su maido kuskuren da aka gudu. A nemi masu 25 ppm/°C ko ƙasa, iri ɗaya, a ajiye su kusa da juna, a kuma nisanta su da ma'aunin daga taransistocin caji masu zafi.

Kafin a sayi da yawa daga hannun da ba a sani ba, a ɗauki guda biyar a gwada, domin ana samun mai araha da aka goge aka buga masa sunan mai tsada. A jira allon ya huce sosai bayan liƙi, tunda zafin dalma yana ɗan motsa boltej ɗin, sannan a auna, a hura masa iskar busar da gashi har ya kai wajen digiri 60, a sake aunawa, mitar kuwa tana nesa da zafin domin ita ma da irin wannan mudu take aiki. Mai 2.5 V da 8 ppm/°C da aka ɗaga daga digiri 25 zuwa 60 bai kamata ya motsa fiye da kusan 1 mV ba, idan kuwa ya motsa 5 mV ko 8 mV, abin da ke cikin kwanson ba shi ne abin da aka rubuta a bayansa ba.