HDTS 1080p ko WEB-DL 720p: wanne zan sauke?

"Salama jama'a. Akwai wani fim ɗin Indiya da nake so in kalla da iyali ranar Juma'a, na ga kwafi biyu. Ɗaya an rubuta HDTS 1080p, nauyinsa 2.1GB, ɗayan kuma WEB-DL 720p, 900MB. Datata ba ta kai in gwada duka ba. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauki na 900MB ɗin, amma bayan ka duba abu guda da zan faɗa maka a ƙasa.

Lambar nan ta 1080p ita ke yaudarar mutane. Girman hoto kawai take nunawa, ba ta faɗa maka inda aka samo hoton. Wannan aikin ɗaya kalmar ne. WEB-DL yana nufin an ciro fayil ɗin daga manhajar kallo ta intanet yadda kamfani ya ɗora shi, hoto da sauti a haɗe tun asali. HDTS kuwa wani ne ya zauna a silima ya saita kyamara a kan allo. Bambancinsa da CAM ko HDCAM shi ne sautin: a CAM kyamarar ce ke ɗaukar komai, har tari da tafi da dariyar 'yan kallo, a TS kuma ana jawo sautin daga wata hanya dabam, sannan a ɗora shi a kan hoton daga baya. In ka ga PreDVD a jikin sabon fim ɗin Indiya, ka sa shi a layi ɗaya da su. HD ɗin da suke maƙalawa a gaba ado ne kawai.

Ni WEB-DL na 720p nake ajiyewa a filas ɗina, kuma a talabijin ɗin falo mai inci 32 muke kallo. Akwai wani da muka kalla da ƙaramar salla, mahaifiyata na zaune, ita da ba ta jure kallo mai tsawo saboda idonta. Wurin da ya fi tsaya mini a rai na dare ne, jaruma riƙe da fitila a soro. Ana ganin zaren mayafinta da inuwarta a bango, kuma da ta yi magana ƙasa-ƙasa babu wanda ya ce a ƙaro murya. Hajiya ta kai har ƙarshe, washegari ma ta ce a maimaita mata waƙar biki. A irin wannan wuri na duhu ake gane kwafi, domin kyamarar silima ba ta iya ɗaukarsa: baƙi ya koma toka-toka, fuskoki su narke, kana jin motsi ba ka ganin mai yi.

HDTS ɗin dai, in an matsa mini in yabe shi, zan ce yana riga kowa fitowa. Shi ke nan.

Abin da na ce ka duba shi ne ranar fitowar fim ɗin, don sunan fayil kowa na iya sauya shi. Fina-finan Hindi yawanci sai sun yi kamar mako takwas a silima kafin su hau manhajojin kallo, na kudancin Indiya sau da yawa mako huɗu. To in fim ɗin nan bai wuce kwana goma da fitowa ba, kuma babu wata manhaja da ta sanar da shi, daga ina WEB-DL zai fito? Na kyamara ne aka sauya wa suna. In haka ne, kada ka sauke ko ɗaya, ka nemo wani fim na Juma'ar, wannan ya jira.

In lokacin ya yi daidai, sai ka nemi hotunan da aka yanko daga cikin fayil ɗin, ba fastar fim ba. Wasu na sa ɗan guntu mai suna sample, na minti ɗaya, wanda ba zai ci maka data ba. Ka duba ko hoton ya ɗan karkace, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya haske, ko an yanke saman kawunan mutane, ko rubutun ƙasa ya gutsure a gefe. Tallan caca da ke yawo a kan allo shi ma alama ce, kusan kullum a kwafin kyamara ake liƙa shi.

Nauyin kuma ka yi masa lissafi da tsawon fim. Naka 900MB ne, in fim ɗin awa biyu ne, ya kama kusan megabit ɗaya a kowane sakan, wanda ya isa 720p ya fito da kyau a waya da ƙaramin talabijin. Amma fim ɗin Indiya kan kai awa uku, a nan zai ɗan yi ƙasa, sai dai in ka ga x265 ko HEVC a sunan, domin su suna matse hoto fiye da x264 ba tare da ya lalace sosai ba. Ka dai tabbata talabijin ɗinka na karanta su, tsofaffi da yawa ba sa yi.

Sai maganar murya, wadda ita ta fi ɓata mini rai a baya. Rashin daidaiton baki da murya iri biyu ne. Akwai wanda tazarar take ɗaya daga farko har ƙarshe, misali murya na riga baki da rabin sakan. Wannan yana gyaruwa: a VLC na kwamfuta ka danna j ko k, kowace dannawa tana matsar da sautin da milisakan 50, dannawa goma ke nan rabin sakan. Na waya ma yana da wurin a cikin saitin sauti. Ɗayan kuma shi ne wanda ake farawa lafiya, tazarar na ƙaruwa a hankali. Yana faruwa ne idan an ɗauko sauti daga kwafi mai gudun hoto 25 a sakan aka ɗora a kan mai 23.976. Bambancin kusan kashi huɗu cikin ɗari ne, wato a awa ɗaya murya za ta tsere wa hoto da kimanin minti biyu da rabi. Na taɓa samun irinsa a wani fim mai fassarar Hausa: ana jin ƙarar mari, hannu bai ko ɗaga ba. Maɓallan nan ba sa maganinsa, ka gyara nan, can ya goce. Shi ya sa in za ka gwada fim kada ka tsaya a minti biyar na farko. Ja shi zuwa tsakiya, ja shi zuwa dab da ƙarshe, ka nemi inda aka rufe ƙofa ko aka yi tafi, a nan kunne ke saurin kamawa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu turi. Akwai na kirki da za su ce maka "wannan na silima ne, ka jira", akwai kuma wanda ya taɓa karɓar kuɗina ya rantse mini mai kyau ne, ya nuna mini farkon fim inda sunaye kawai ke wucewa a kan baƙin allo. Na isa gida na tarar da kan mutum na gilmawa a gaban hoto. Yanzu ba na barin shago sai an buɗe mini tsakiyar fim a wayata. Haka a intanet, fim yana ƙarewa ne da .mp4 ko .mkv, wani lokaci .avi. In abin da ya fara sauka ya ƙare da .apk ko .exe, ko aka ce sai ka sa wata manhaja kafin ya buɗe, tsayar da shi nan take ka goge.

Ka turo mana cikakken sunan fayil ɗin na 900MB da ranar da fim ɗin ya shiga silima, in duba maka kafin Juma'a.