PNG ko JPEG: wanne ke barin ƙananan rubutu su fito tas?

"Jama'a, na haɗa tallar shagona na kayan waya a nan Marwa, da jerin farashi da lambar waya a ƙasa. Da na fitar da hoton sai ƙananan rubutun suka dushe kamar an yayyafa musu ruwa. PNG zan zaɓa ko JPEG?"

Ɗan'uwa, ɗauki PNG. Da shi nake fitar da jerin farashin shagon yayata da ke sayar da atamfa a Garwa, layi sama da ashirin ne, kowanne da kuɗinsa na sefa. Wata Hajiya daga Kuseri ta buɗe shi a ƙaramar wayarta, ta ja hoton ya yi girma, ta karanto wa yayata farashin daki-daki ba tare da ta ɗauki 3 a matsayin 8 ba. Dalili kuwa, PNG yana matse fayil ba tare da ya zubar da komai ba. Yadda kowane ɗigon hoto yake a wajen gyara, haka zai fito.

JPEG don hoton kamara aka yi shi, fuska da itatuwa da sararin sama. Yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, sai ya watsar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. A fuska ba a ganewa. Amma bakin harafi kaifi gare shi, baƙi ne ya haɗu da fari kai tsaye, kuma irin wannan kaifin shi ne abin da matsewar ke fara taɓawa. Ja hotonka zuwa 300% ka dubi lambar wayar: in ka ga ƙura-ƙura na kewaye da lambobin, aikin JPEG ne. Sannan yawancin manhajoji suna rage bayanin launi zuwa rabi a tsaye da kwance, abin da ake rubutawa 4:2:0. Shi ya sa jan rubutu a kan shuɗi ya fi kowanne lalacewa, ja da shuɗi kuwa su muka fi so a tallarmu.

Ga yadda zan yi da taka. Buɗe ainihin aikin a manhajar da ka haɗa shi, kada ka taɓa hoton da ya riga ya dushe, don mayar da JPEG zuwa PNG ba ya dawo da abin da ya zube. Sa girmansa ɗigo 1080 da 1920 in ta waya za a gani. Lambar wayar da farashin, mayar da su baƙi a kan fari ko ruwan ɗorawa, ka ƙara musu kauri. Sai ka fitar a PNG sau ɗaya. Talla mai launi shimfiɗaɗɗe da rubutu ba ta cika kai megabait ɗaya ba. In akwai babban hoton caja da wayoyi a baya, tana iya haura biyu ko uku, nan ne PNG ke cin data.

Sai dai akwai tarko a gaba. In ka tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, ko ka ɗora a status, manhajar za ta sake matse shi ta mayar JPEG, ko da PNG ka ba ta. Duk da haka gara ka ba ta mai tsabta, matsewa ɗaya ta fi biyu. Wanda kake son ya samu fayil ɗin yadda yake, kamar mai buga takarda, tura masa ta Document. Don bugawa kuma girman waya ya yi kaɗan: takardar A5 a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana son ɗigo 1748 da 2480, in manhajarka na fitar da PDF ma ya fi.

JPEG dai, in nauyin fayil ya matsa maka, ba laifi. A manhajar gyaran hoto ta GIMP sa Quality 90, ka shiga Advanced Options ka mayar da Subsampling 4:4:4, don kada a rage bayanin launi. Zai karantu, shi ke nan abin da zan ce a kansa.

Ka kuma yi hattara da wasu masu haɗa talla a bakin kasuwa. Wani zai ɗauki hoton da aka turo masa ta waya, ya buɗa girmansa, ya ajiye da sunan PNG, ya ce maka "HD" ne, ya ƙara kuɗi. Kafin ka biya, ja lambar wayar a gabansa ka duba bakin lambobin. In takarda za a buga, a fara buga guda ɗaya ka karanta layin da ya fi ƙanƙanta, sannan a saki sauran.