Gargaɗi kan manhajojin bashin nan-take: abin da suke karɓa jingina shi ne lambobin wayarka

Duk mai ba da bashi yana son abin da zai riƙe in an ƙi biya. Banki yana duba albashinka ko shige da ficen asusunka, wani lokaci ya nemi mai tsaya maka. Manhajar da ta turo maka kuɗi cikin minti biyar ba ta tambayi ko ɗaya ba, to ta riga ta karɓi nata jinginar tun lokacin da ka danna Allow: sunaye da lambobin duk mutanen da ke wayarka, da saƙonninka, wani lokaci har da hotuna.

Wannan izinin shi ne alama ta farko, kuma ya fi sauran muhimmanci. Tun ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotunan mai amfani da su. Ƙa'idarsa kuma ba ta yarda da bashin da za a ce a biya gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba. Shi ya sa da yawa daga cikin 'yan damfarar suka koma tura mahaɗi ta WhatsApp ko saƙon tes, su ce ka sauke fayil ɗin manhajar, wato APK, kai tsaye ba ta Play Store ba. In manhaja ta ƙi buɗewa sai ka ba ta Contacts, rufe ta. Ka kuma sani cewa goge ta daga baya ba ya dawo da komai, domin lambobin sun tafi wurinsu a daƙiƙar da ka amince.

Sai lissafi. A ce allon ya nuna naira 20,000, a biya cikin kwana 7. Abin da zai shigo asusunka 14,000 ne, an zare 6,000 da sunan kuɗin hidima. Ranar biya kuwa 20,000 cif za ka mayar. Wato ka biya 6,000 a kan 14,000, kusan kashi 43 cikin ɗari a mako guda. In an ɗora tarar kashi 2 a kullum, naira 400 ce kowace rana, jinkirin kwana goma ya ƙara 4,000. Daga nan sai su nuna maka wata manhaja da za ka ci bashi ka biya ta farko, wadda sau da yawa tasu ce da wani suna. Haka mutum ke wayar gari ana binsa wuri biyar. Mai lasisi shi ma yana ɗora ruwa, kuma maganar riba tana nan ga wanda ke kiyaye ta, amma zai nuna maka jimillar abin da za ka biya da ranakun biya kafin ka amince.

Tun kafin wa'adi ya cika kira yake farawa, sai zagi. Bayan nan saƙo ya isa wurin surukinka, maigidanka a wurin aiki, har limamin unguwa, da hotonka an rubuta "ɓarawo, ana nemansa", ko a ce musu kai ka sa su masu tsaya maka alhali ba su san zancen ba. Irin wannan ne ya sa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 a 2021, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC kuma ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022.

Kafin ka sauke kowace manhaja, duba sunan kamfanin da ke bayanta, ka neme shi a jerin waɗanda FCCPC ta amince da su a shafinta. In sun ce su ƙaramin banki ne, jerin CBN za ka duba. Neman BVN kaɗai ba alamar damfara ba ce, masu lasisi ma suna nema. Amma babu mai gaskiyar da zai tambaye ka PIN na katinka a waya ko ya ce ka karanto masa OTP, ko ka biya bashin cikin asusun wani mutum mai sunan kansa.

In ka riga ka faɗa tarkonsu, shiga Settings, sai Apps, sai Permissions, ka janye izinin duka. Ɗauki hoton allon kowace barazana da shaidar abin da ya shigo da abin da ka biya kafin ka goge manhajar. In ka saka bayanan katin ATM, sa banki ya toshe shi ya ba ka sabo, don kar su riƙa zarar kuɗi da kansu. Ka riga su sanar da 'yan uwa da abokan aiki. Saƙon da aka san yana tafe ba ya yin tasiri sosai. Barazanar turo 'yan sanda kuwa yawanci ta baki ce: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Bashin dai yana kanka, amma kar ka ci wani don biyansa. Kai ƙorafi FCCPC, sannan hukumar kare bayanai ta NDPC kan lambobin da suka kwasa, ka haɗa da hotunan allon, sunan manhajar da lambar asusun da suka ce ka biya.