Wasiƙu biyu zuwa ga manaja kan neman lokacin gwajin atomatik

"'Yan'uwa, ni mai gwajin manhaja ne. Ina so in rubuta wa manajanmu ya ba ni lokaci a zangon aiki na mako biyu mai zuwa in saka gwajin atomatik. In nemi zangon gaba ɗaya ne, ko in gutsuro kaɗan?"

Ɗan'uwa, bari in jera maka wasiƙu biyu ka gani da idonka.

Ta farko tana cewa: "Yallaɓai, gwajin hannu ya yi mana yawa. Ina roƙon a bar mini zangon nan na mako biyu in mayar da komai atomatik, don ingancin aiki." Gaskiya ce ta faɗa, amma abin da manaja zai ji shi ne mako biyu babu mai duba sabbin ayyuka. Kuma "komai" ba ya da iyaka, ba wanda zai san ranar da aka gama.

Ta biyu kuwa da lissafi take shigowa. A ce alƙalumanka haka suke: "Yallaɓai, kafin mu fitar da kowace sabuwar sigar manhaja ina cin awa 6 wajen maimaita tsoffin gwaje-gwaje da hannu, kuma sau biyu muke fitarwa a zango, awa 12 ke nan. Ina neman kwana 3, wato awa 24, in yi amfani da manhajar Playwright in rubuta gwajin atomatik na hanyoyi huɗu: rajista, shiga, sauya kalmar sirri da biyan kuɗi. Su ne ke cinye awa 4 cikin 6. Za mu tsira da awa 8 a zango, in cire awa 2 na gyaran gwajin idan shafuka suka canza, saura 6. Cikin zango huɗu lokacin ya dawo. A kwanakin ukun nan gwajin shafin rahoto zai jira."

Ni ta biyun nake ba ka shawara, kuma jumlolinta biyu ne suka fi nauyi a wurina. Ɗaya ita ce ta awa 2 na gyara. Masu gwaji da yawa kan ɓoye ta, alhali gwajin da ke bin fuskar manhaja yana karyewa da zarar an sauya sunan maɓalli, wani kuma ya faɗi yau ya wuce gobe ba tare da an taɓa komai ba, galibi don bai jira shafi ya gama buɗewa ba. Manajan da ka gaya wa wannan tun farko ba zai ga kamar ka yaudare shi ba. Ɗayar ita ce ta abin da zai jira, domin da ita zai je ya yi wa na sama da shi bayani.

Ta farko tana da ranarta, idan ana shirin sake gina babban sashe kuma babu gwaji ko ɗaya da zai kama ɓarna. Ko a nan ma sai ka lissafo hanyoyin da sunayensu.

Ka tura wasiƙarka kafin zaman tsara zango, ka buɗe mata tikiti a jerin ayyuka tare da ƙiyasin lokacinta. Idan aka riga aka raba aiki, sai dai ka jira zango na gaba.