Kafin ka sayi kundin tambayoyin canki-canka kan ƙara, iska da kayan kariya

Mai shirin jarrabawar kare lafiyar ma'aikata yakan tarar da hanyoyi uku a gabansa: tambayoyin kyauta da ke yawo a WhatsApp, littafi bugagge, da kuma rumbun tambayoyi na intanet da ake biya wata-wata. Masu talla duk da yawa suke tinƙaho, wannan ya ce tambaya dubu, wancan ya ce dubu biyu. Ni kuwa da tambaya ɗaya nake gwada kowane kundi kafin in ciro kuɗi.

Ma'aikaci yana tsaye kusa da injin da ƙararsa ta kai desibel 91. Awa nawa aka yarda ya yi a wurin a rana: 8, 7, 4 ko 2?

Idan kundin ya ce "amsa ita ce 2" ya yi shiru, ajiye shi. Ba don ya yi kuskure ba, sai don bai faɗa maka ma'aunin da ya bi ba. A lissafin NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, desibel 85 na awa 8 ne, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Amma OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, ita ma ta Amurka, daga 90 take farawa a awa 8, kuma sai an ƙara 5 take raba lokacin. A wajenta 91 kusan awa 7 ne. Ka ga amsoshi biyu ke nan, kowace da gaskiyarta. Birtaniya kuma nata daban: dokarta ta 2005 ta sa matakin farko na fara kare ma'aikaci a 80, na biyu a 85, iyaka a 87, kuma wannan iyakar ana auna ta ne da la'akari da abin toshe kunne. Wanda ya haddace lambobin OSHA ya shiga jarrabawar da aka gina kan tsarin Birtaniya zai faɗi yana ganin daidai ya yi.

A nan ne na kyauta suka fi rauni. Yawanci tsince-tsince ne, tambaya ta 12 daga Amurka, ta 13 daga Birtaniya, ba wanda ya raba su. Wani lokaci har za ka ga an ce injuna biyu masu desibel 85 kowanne sun ba da 170, alhali 88 ne. Suna da amfani wajen saba wa hannu, amma ba na dogara da amsarsu.

Littafi bugagge ya fi su bayani, kuma ba ruwansa da caji ko data. Duba shekarar bugu da ƙasar da aka rubuta shi dominta, sannan ka buɗe babin zagayawar iska. Mai kyau zai nuna maka lissafi a fili: ɗaki mai tsawon mita 10, faɗi 5, tsayi 3, cikinsa 150 m³ ne; fanka mai fitar da 900 m³ a awa tana sauya iskarsa sau 6. Ya kuma ce me ya sa buɗe taga ba ya wadatar wa mai walda, wato hayaƙi yana bi ta hancinsa kafin ya kai taga, don haka a zuƙe shi tun daga bakin inda yake tasowa. Littafin Amurka da ƙafa yake awo, yana rubuta cfm, wato yawan iska a minti ɗaya da awon ƙafa, wannan ma abin lura ne.

Rumbun intanet shi ne mafi tsada idan watanni suka taru, sai dai yana ƙirga maka lokaci, yana nuna babin da kake yawan faɗuwa. Nemi gwajin kyauta, ka zaɓi amsar kuskure da gangan. A tambayar mai fesa fentin mota, danna takunkumin N95. In ya ce maka "ba daidai ba" kawai, bai cancanci kuɗinka ba. Ya kamata ya bayyana cewa N95 ƙura yake tarewa, tururin tina yana ratsa shi, kuma ko takunkumi mai gawayin tace tururi yana zuwa ne bayan an gwada sauya fentin ko zuƙe tururin, domin kayan kariya ne matakin ƙarshe.

Wani abu da masu talla ba sa faɗa: tun 2020 takardar farko ta NEBOSH IGC, wato jarrabawar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasa da ƙasa da hukumar NEBOSH ta Birtaniya ke shiryawa, ta koma rubutu da littafi a buɗe, kan labarin wani wurin aiki. Idan ita ka nufa, canki-canka bita kawai zai yi maka. Don haka fara tambayar cibiyar da ka yi rajista yadda jarrabawarta take da dokar ƙasar da take bi. In canki-canka ce kuma saura wata ɗaya, biya rumbu na wata guda. In da sauran lokaci, littafi ya fi arha.